Nawa Zan Cika? Lissafin da ke Ɓoye a Cinikin Musayar Mashin a Kachia

Daga ƙarshen Oktoba zuwa Janairu, lokacin da ake haƙon citta, ana tsaga ta, ana shanya ta a kan duwatsu da gefen hanya a ƙauyukan Kachia, akwai wani ciniki da ke tashi tare da ita a ƙofar shagunan masu sayar da babur. Mutum zai tsayar da tsohon mashin ɗinsa, wanda jar ƙasar damina ba ta gama fita daga kan ƙafafunsa ba, ya nuna sabo dal da ke jingine da leda a kan sirdi, ya ce, “Alhaji, ga wannan, nawa zan cika?” Mai shago ba zai amsa nan take ba. Zai kira yaronsa ya buga mashin ɗin, ya ja mai sau biyu ko uku yana kallon bakin salansa, ya zagaya da shi ya dawo, sannan ya faɗi lamba guda ɗaya. A kan wannan lamba za a yi ta ja, wannan na cewa a rage, wancan na cewa albarka, har a kai ga sallama. Wannan shi ne musaya da ciko, kuma ana yinsa a kan injin niƙa, injin ban ruwa, janareta da keken ɗinki, amma a kan babur ya fi yawa, a kansa kuma ya fi sauƙin ganewa. Abin da ya kamata duk mai shiga wannan ciniki ya riƙe shi ne cewa ciniki biyu ne aka dunƙule wuri guda: sayar da tsoho da sayen sabo. Wanda ya yarda aka yi masa su da lamba ɗaya ya rufe idonsa da kansa, wanda kuwa ya raba su gida biyu zai iya gane lokacin da musaya ta fi masa, da lokacin da take cin sa.

Dalilin da ya sa wannan tambaya ta yi nauyi a Kachia a bayyane yake. Babban titin da ya taso daga Kaduna ya bi ta Kajuru ya ratsa Kachia ya wuce Zonkwa da Kafanchan yana da kwalta, amma gonakin ba a bakin kwalta suke ba. Daga Awon, Ankwa, Gumel, Kurmin Musa, Sabon Sarki ko rugagen Ladduga, babur ne ke fito da buhun citta da masara, shi ke kai taki, shi ke kai mara lafiya asibiti. Mashin ɗin da ke aiki a irin waɗannan hanyoyi, da fasinja biyu ko buhu biyu a baya, yana tsufa da wuri fiye da na ma'aikacin da ke zuwa ofis ya dawo. Sannan abubuwa uku suka haɗu cikin shekara guda. A ranar 29 ga Mayu, 2023 aka sanar da cire tallafin man fetur, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin ’yan kwanaki, kuma ba ta tsaya nan ba. A watan Yuni na shekarar aka saki naira ta nemi darajarta a kasuwa, dalar da gwamnati ke sayarwa wajen naira 460 ta kai ga haura 1,500 a farkon 2024. Da yake baburan da aka fi hawa, irin su Bajaj Boxer da TVS na Indiya da Haojue da Jincheng na Sin, da dala ake shigo da su ko sassan da ake harhaɗa su, farashin sabo ya ninka. A daminar 2023 kuma cutar ruɓa ta afka wa citta a Kachia, Kagarko, Jaba da Jema'a, ta lalata mafi yawan abin da aka shuka, har iri ya yi wuya. Kuɗin sayen sabo kai tsaye ya fi ƙarfin mutane da yawa, tsohon mashin ya zama shi ne jarin da ke hannu.

Yadda lamba ɗaya ke rufe ido

Bari mu ɗauki misali, da lambobin da aka zaɓa domin sauƙin lissafi, tunda farashi yana motsi kusan kowane wata. A ƙaddara sabon mashin, in an biya kuɗi hannu, naira 1,300,000 ne. Wani ɗan acaba ya je da tsohonsa mai shekara uku shago biyu. A na farko aka ce masa tsohon naira 450,000 za a karɓe shi, sabo kuma farashinsa na nan yadda kowa ya sani, don haka cikonsa 850,000. Ransa ya ɓaci, yana ganin an raina masa abin hawa. A shago na biyu aka tarbe shi da fara'a, aka yaba yadda ya riƙe mashin, aka ce za a karɓe shi a 520,000. Sai dai sabon a nan 1,400,000 ne, wai saboda sabon kaya ne da aka sauke jiya. Cikonsa ya zama 880,000. Ya fita yana murna an ƙara masa 70,000 a kan tsoho, alhali 30,000 ya ƙara biya. In aka cire cikon da ya bayar daga ainihin farashin sabo, za a ga 420,000 kawai aka ba shi a tsohon nasa. Babu wanda ya yi masa ƙarya ƙarara. An dai lura cewa zuciyarsa na kan darajar tsohon, sai aka faranta masa a nan, aka fanshe a can.

Maganin wannan ba ya buƙatar ilmin boko. Kafin a kai tsohon mashin ƙofar shago, a je da ƙafa, ko a aiki wani, a taya sabon kamar za a biya lakadan, a shago biyu ko uku, har a ji inda za a sallama. Wanda zai iya kiran wani a Kaduna ko Kafanchan ya ji farashin can, ya ƙara kuɗin mota, ya samu ma'auni na biyu. Bayan haka a nemi bakanike ko dillalin da ba shi da hannu a cinikin ya faɗi nawa tsohon zai yi in an kai shi kasuwa yadda yake. Sai waɗannan lambobi biyu sun zauna a kai sannan a buɗe maganar musaya, kuma tambayar farko ba “nawa zan cika” ba ce, a'a, “a nawa za ka karɓi wannan, tunda mun riga mun san kuɗin wancan.” Mai shagon da ya ƙi raba lissafin, ya ce shi ciko kawai ya sani, ya riga ya ba da amsa. Ba a cinikin biri a sama.

Wannan dabara ta karɓar tsoho domin a sayar da sabo ba a Kachia aka fara ta ba. Tun a shekarun 1850 kamfanin keken ɗinki na Singer a Amurka ya riƙa karɓar tsofaffin kekuna yana rage wa masu su kuɗin sabo, yana kuma farfasa da yawa daga cikin waɗanda ya karɓa don kada su dawo kasuwa su karya masa farashi. A wurin kamfanin, kuɗin da ya ba da a kan tsoho rangwame ne kawai da aka sa wa wata riga. Mai shagon Kachia ba shi da ƙarfin farfasa komai. Dole ya sake sayar da tsohon, don haka duk abin da ya ba da a kansa lissafi ne na abin da zai samu gobe, kuma wannan ne ya kawo mu ga ƙorafin da aka fi ji.

Shin mai shago cuta yake yi?

Masu sukar musaya suna cewa cuta ce tsagwaronta: an karɓi mashin a 450,000, bayan mako biyu ka gan shi an wanke, an sa masa sabuwar rigar sirdi, ana sayar da shi 550,000. Ina wannan 100,000 ta tafi? Amsar tana buƙatar adalci. Mashin ɗin da aka sayar 550,000 ba shi ne wanda aka karɓa ba. A misalinmu, an sauya masa fiston da ringi, an sa sabuwar sarƙa da haƙoranta na gaba da na baya, an canja tayar baya, an zuba sabon baƙin mai, an biya bakanike, a ce duka 45,000. Dillalin da ya kawo mai saye ya karɓi la'adarsa, a ce 15,000. Saura 40,000, kuma a cikinta ne mai shago zai ci ribarsa, ya ɗauki nauyin kuɗinsa da ya kwanta makonni ba ya juyawa, ya kuma rufe asarar mashin ɗin da zai buɗe ya tarar da ɓarnar da ta fi yadda ya zata. Riba ce, amma ba irin wadda ake zato daga nesa ba.

Yanzu a juya lissafin ta ɓangaren mai mashin. Da ya sayar da kansa ba tare da gyara ba, ba zai samu 550,000 ba, a ce 510,000. Ya ba dillali 15,000, saura 495,000. In ɗan acaba ne da ke komawa gida da naira 5,000 a rana bayan mai da abinci, kuma tsakanin zaman jiran masu tayi, da jiran wanda ya ba da kafin alƙalami ya kawo sauran, da zuwa ɗauko sabon, ya rasa kwana takwas na aiki, to 40,000 ta tafi, saura 455,000. Tsakaninsa da abin da mai shago ya ba shi nan take 5,000 ce kacal, ga kuma haɗarin farashin sabo ya motsa kafin kuɗinsa su haɗu, ko wata larurar gida ta taso ta ci wani abu daga ciki. A wurin wannan mutum musaya ta fi. Amma manomin da ya gama girbi, wanda mashin ɗinsa zai iya zama mako biyu da rani ba tare da ya rasa ko sisi ba, 495,000 ɗinsa tana nan, kuma musaya za ta ci masa 45,000 a banza. Ciniki ɗaya, mashin iri ɗaya, amsa biyu. Abin da mai shago ke sayarwa a musaya lokaci ne da sauƙi, don haka tambayar ita ce nawa lokacin naka ya kai.

Akwai wani abu kuma da ke sa tayin mai shago ya yi ƙasa, wanda masanin tattalin arziki ɗan Amurka George Akerlof ya yi bayaninsa a 1970 a kan kasuwar motocin hannu, aikin da ya kai shi ga samun kyautar Nobel a 2001. Mai abu ya san aibinsa, mai saye bai sani ba. Tunda mai saye ba zai iya bambance mai kyau da mara kyau da ido kawai ba, sai ya taya kowa da farashin tsaka-tsaki, wanda ya yi wa mai kyau kaɗan, ya yi wa mara kyau yawa. Sakamakon haka a musaya shi ne: wanda ya fi asara shi ne wanda ya fi kula da mashin ɗinsa. Mutumin da ke juye baƙin mai a kan lokaci, yake wanke matatar iska, bai taɓa barin sarƙa ta bushe ba, bai kamata ya kai mashin ɗinsa inda ba a san shi ba. Kasuwarsa tana wajen waɗanda suka ga yadda ya riƙe shi: abokan aikinsa a tasha, maƙwabcinsa, ko wanda bakaniken da ke duba masa zai yi wa shaida. A can ne kulawarsa ke da farashi.

Abin da ake dubawa, da yadda ake ɓoye shi

Wanda ya san abin da mai shago ke nema ba za a karya masa farashi da aibin da babu shi ba. Abu na farko, ana ɗora hannu a kan inji kafin a tayar. In da ɗumi, an riga an tayar da shi, kuma injin da ya gaji yana ɓoye wuyar tashinsa da ƙararsa in ya yi zafi, don haka gwajin gaskiya da sanyin safiya ake yi. Na biyu shi ne hayaƙi. A mashin irin Boxer, wanda ba a gauraya masa baƙin mai da fetur, hayaƙi mai shuɗi-shuɗi yana nuna baƙin mai na shiga ɗakin wuta, galibi saboda ringi ya cinye, kuma in an kwance fulogi za a gan shi baƙi da maiƙo. Baƙin hayaƙi kuwa sau da yawa fetur ne ya yi yawa, matsalar kafireto ko toshewar matatar iska, gyaran da bai kai ya rage dubun dubata ba. A tsofaffin Jincheng da ke ƙona baƙin mai tare da fetur, ɗan hayaƙi ɗabi'arsu ce, ba aibi ba. Sai ƙara: ƙaramar ƙara daga saman inji yawanci saiti take nema, amma bugu mai nauyi daga ƙasa, wanda ke ƙaruwa in an ja mai, yana nuna ɓarna a cikin cikin inji, kuma wannan sai an raba shi biyu. Masu son ɓoye irin wannan bugu suna zuba baƙin mai mai kauri ƙwarai, shi ya sa ƙwararre ke zaro ma'aunin ya murza man tsakanin yatsu biyu.

Amma abin da ke yanke hukunci a mashin ɗin ƙauye ba inji ba ne, ƙashin jikinsa ne. Inji ana gyara shi, ana ma iya sauya shi ɗungurungum. Ƙarfen da ya lanƙwashe saboda haɗari, ko ya tsage saboda shekarun ɗaukar buhu, ba ya komawa yadda yake. Ana ɗaga tanki da sirdi a nemi alamar walda, musamman kusa da wuyan mashin da inda ake ɗora kaya a baya. Ana tsugunawa a bayansa a ga ko tayar baya na bin sawun ta gaba. Ana riƙe tayar baya a girgiza ta hagu da dama a ji ko tana wasa. Mashin ɗin da ke janyewa gefe guda in an sassauta hannu a kan hanya mai laushi ya faɗi tarihinsa. Sabon fenti a wuri guda kawai shi ma magana ne, domin ruwa ba ya tsami banza.

A gyara ko a musanya?

Wannan bambanci ne ke amsa ƙorafi na biyu, na masu cewa da tsohuwar zuma ake magani, gara a gyara tsohon a ci gaba. Sau da yawa suna da gaskiya, kuma lissafi ne ke nuna haka. A koma ga ɗan acaban nan. A ce tsohon mashin ɗinsa yana shan rabin lita fiye da sabo a kowace rana, lita kuma a naira 900, wato 450 a rana, 11,700 a kwana 26 na aiki. A ce gyare-gyarensa sun ɗara na sabo da 15,000 a wata, yana kuma cinye masa kwana uku a gareji, wata 15,000 ke nan. Jimilla 41,700 a wata. Cikon 850,000 zai ɗauki kusan wata ashirin kafin wannan ragi ya maido da shi, kodayake a ƙarshen wannan lokaci yana da mashin da ya fi tsohon daraja nesa ba kusa ba. In kuwa ƙashin mashin lafiya lau yake, kuma gyaran inji na 80,000 da kaya masu kyau zai kawar da ko da rabin wannan asara na shekara guda, to gyaran ya biya kansa cikin wata huɗu, musaya ta iya jira. In ƙashin ne ya tafi, ko an riga an buɗe injin sau biyu, kowane gyara sai ya zama gyaran gangar Auzinawa, kuma duk watan da aka ƙara yana rage abin da za a karɓi mashin ɗin. Lokacin musaya mafi kyau shi ne kafin babban gyara na biyu, lokacin da mashin yana tashi da bugu ɗaya, ba ranar da aka turo shi shago da hannu ba.

A nan ne faɗuwar naira ke ruɗa mutane. Wanda ya sayi mashin ɗinsa a 400,000 kafin 2023, yau aka taya shi 450,000, sai ya ji kamar ya hau shi kyauta shekara uku har da riba. Ba riba ba ce. A da mashin ɗinsa daidai yake da sabo guda, yau da kaɗan ya wuce kashi ɗaya cikin uku na sabo. Lambar da za a sa wa ido ita ce tazarar da ke tsakani, wato ciko, kuma a lokacin tsada wannan tazara buɗewa take yi ta ɓangare biyu, sabo na hawa, tsoho na ƙara tsufa. Haka nan lokacin shekara yana da tasiri. Da kaka kuɗi na hannun mutane, masu neman na hannu suna da yawa, tsoho yana da kasuwa, mai shago ma ya san ba zai kwana a wurinsa ba. A watan Afrilu da Mayu, lokacin shukar citta, kowa na neman kuɗin iri da taki da ’yan ƙwadago, masu sayarwa sun fi masu saye yawa, kuma wanda ya kawo tsoho a lokacin ya zo a matse.

Halacci da takardu

Wasu kan tsaya a kan tambayar ko musaya da ciko ta halatta, domin sun ji malamai na hana musayar tsohuwar zinariya da sabuwa tare da ƙarin kuɗi. Hanin yana nan, amma ya shafi kayan da shari'a ta sa wa ƙa'ida ta musamman, wato zinariya da azurfa da nau'o'in abinci irin su alkama, sha'ir, dabino da gishiri, inda musayar jinsi ɗaya dole ta zama daidai wa daida kuma hannu da hannu. Babur ko injin niƙa ba sa cikin wannan rukuni, musayarsu da ciko ciniki ne kamar kowane ciniki. Abin da ke ɓata shi shi ne ɓoye aibi, kuma a fiƙihun Malikiyya wanda ya gano tsohon aibin da aka ɓoye masa yana da damar mayar da kaya. A kasuwar da Musulmi da Kirista, Adara da Ham da Bahaushe da Bafulatani ke ciniki da juna kullum, wannan ƙa'ida ba ta buƙatar fassara: wanda ya zuba mai mai kauri don rufe bugun inji ya san abin da ya aikata. Inda ya kamata a yi taka-tsantsan shi ne cikon da aka bari bashi. In za a biya rabi yau, rabi bayan an sayar da citta, a yanke jimillar tun yau a rubuta, da ranar biya, kada a bar ta a buɗe a ce sai yadda kasuwa ta kama.

Takardu kuwa su ne wurin da ƙaramin sakaci ke zama babbar masifa. A ƙarshen Satumba na 2021 gwamnatin Jihar Kaduna ta hana hawa babur a faɗin jihar na wata uku, saboda da shi ’yan bindiga ke zirga-zirga. Tun daga nan kowa ya gane cewa mashin ba kaya ba ne kawai, abu ne da jami'an tsaro ke bin sawunsa. Wanda ya miƙa tsohonsa da lambar rajistarsa da rasit mai sunansa, ba tare da wata shaidar rabuwa ba, sunansa zai ci gaba da yawo a kan mashin ɗin da ya sauya hannu sau uku, kuma duk ranar da aka kama shi a wurin da bai dace ba, ƙofarsa za a fara ƙwanƙwasawa. Mai karɓa shi ma yana da nasa haɗarin, domin karɓar kayan sata laifi ne a doka, shi ya sa yake goge lambar inji da ta jikin mashin da tsumma ya gwada su da rasit, yana duba ko an kankare ko an sake bugawa, yana kuma tambaya ko mashin ɗin na biya-sannu ne da ba a gama biya ba. Takarda guda ta ishi kowa: kwanan wata, sunayen ɓangarorin biyu, lambobin inji da na jiki na mashin biyun, farashin sabo, farashin da aka karɓi tsoho, cikon da aka biya da wanda ya rage, sa hannun shaidu biyu, kowa ya riƙe kwafi. Sannan a bi ta ofishin lasin a sauya sunan mai shi. Sabon ma a gwada lambobinsa da rasit kafin a bar ƙofar shago, a kuma tabbata sabo ne, ba wanda aka yi wa kwalliya ba.

Za a iya cewa duk wannan ya yi wa cinikin da aka saba kammalawa da musafaha yawa, kuma neman a rubuta kamar zargi ne ga mutumin da ake gaisawa da shi kowace safiya. Amma mai shagon kirki ba ya asarar komai in an raba lissafi. Ribarsa ta gyara da jira halaliyarsa ce, kuma zai iya faɗinta a fili. Wanda kawai rubutun ke cutarwa shi ne wanda ribarsa ta dogara ga rashin sanin abokin cinikinsa. Manomin citta ba ya yarda a sayi buhunsa ba a ɗora a sikeli ba, ko da kuwa mai sayen ɗan uwansa ne, kuma ba wanda ke kiran wannan rashin yarda. Tsohon mashin ya fi buhun citta tsada, ya kuma ci gumin shekaru. Shi ma a ɗora shi a sikelinsa shi kaɗai, a ɗora sabon shi kaɗai, sannan a yi maganar ciko.